Wuta ce ta ɗauke, to wa zai ɗauki asarar?

Malam na karanta saƙonka. In na fahimce ka daidai, wata makarantar kuɗi ta ba ka aikin buga littattafan rubutu guda 3,000 masu tambarinta a kan naira dubu 900, an ba ka kafin alƙalami dubu 600, kun yi za ka kawo kafin ranar komawa makaranta, sai taransfomar unguwarku ta ƙone kuka kwana tara ba wuta. Yanzu mai makarantar na cewa ka dawo masa da kuɗinsa ko ya kira maka 'yan sanda, kai kuma kana ganin ai ba laifinka ba ne, don haka ba abin da yake binka.

To gaskiya a nan ne nake ganin ka ɗan yi kuskure. Ban ga takardar yarjejeniyarku ba, don haka duk abin da zan faɗa da sharaɗi ne, amma a dokar kwangila ba a cika tambayar laifin waye ba, abin da ake tambaya shi ne me ka yi alkawari, kuma ka cika ko ba ka cika ba. Uzurin abin da ya fi ƙarfin mutum yawanci ba ya aiki sai in an rubuta shi a cikin yarjejeniya, kuma ko an rubuta sai an duba ko ɗaukewar wuta na cikin abubuwan da aka lissafa. In ba a rubuta ba, sai ka nuna aikin ya zama ba zai yiwu ba sam, ba wai ya ƙara tsada ba. Kuma kai ma ka sani, a ƙasar nan da wuya alƙali ya yarda cewa mai injin buga takardu bai san Nepa na ɗauke wuta ba. Tambayar farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai maka ita ce ina janaretonka, ta biyu me ya hana ka kai aikin wani shago a ƙarasa maka. In amsarka ita ce gas ya yi tsada, to wannan ba uzuri ba ne a gaban kotu, ribarka ce kawai za ta ragu. Ko duhun da aka sha a Arewa a watan Oktoba na 2024, da kusan duk jihohinmu suka yi kwanaki ba wuta, ba zan iya ce maka kowa zai tsira da shi ba, balle taransfomar unguwa ɗaya.

Shi ma dai mai makarantar ya wuce gona da iri. Saɓa alkawarin aiki ba laifin da ake kama mutum ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana kama mutum a kan saɓa kwangila kawai, sai dai in akwai alamar damfara, kuma kai da ka sayi takarda ka fara aiki ban ga damfara ba. Ka adana rasit ɗin takarda da tawada. Sannan ba kowace makara ce ke ba shi ikon soke aikin gaba ɗaya ba, ya danganta da ko ranar ita ce ginshiƙin cinikin. Da katin ɗaurin aure ne da magana ta ƙare, littafin rubutu kuwa ana amfani da shi duk zangon karatu, duk da dai yana iya cewa ya gaya maka tun farko don ranar komawa yake so, kuma wannan magana ce mai nauyi.

Abin da zan ba ka shawara, ka daina jayayya a waya, ka rubuta masa yau ɗin nan ko a WhatsApp ne, don kotu na iya karɓar irin wannan saƙon a matsayin shaida in an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011. Kamar haka: "Ranka ya daɗe, ina ba da haƙuri kan jinkirin littattafan. Taransfomarmu ta ƙone ranar kaza, wuta ba ta dawo ba sai ranar kaza. Guda 1,800 sun kammala zan kawo gobe, sauran 1,200 ranar Alhamis kaza ga wata. Don Allah a amsa mini in an amince da wannan ranar."

Ka lura, ba ka ce duk asarar da ya yi a wuyanka take ba, kar ka rubuta wannan don neman ya huce. Kuma ka nace sai ya amsa a rubuce, domin in ya ce "to Allah ya kai mu" ya kuma karɓi kashin farko, zai yi masa wuya daga baya ya ce ya soke aikin saboda tsohuwar ranar. Amma fa sabuwar ranar ta zama wadda za ka iya cikawa ko wuta ta sake ɗaukewa, ka lissafa da kuɗin gas ko hayar injin wani, don in ka sake saɓawa hujjarsa ta yi ƙarfi sosai.

In ya ƙi, ka yi masa tayin ragi, ko dubu 50 ne daga cikon dubu 300 da ya rage, ko ku samu dattijon da ku duka kuke jin nauyinsa, ko ku je zauren sulhu na babbar kotu in a Kano kuke. Shari'a a kan wannan kuɗin za ta iya cin watanni, ga kuɗin lauya, kuma littattafan da ke ɗauke da tambarin makarantarsa ba wanda za ka sayar wa in ba shi ba. Kafin ka sa hannu a kowace takardar sulhu, ka kai wa lauya ya duba tare da saƙonninku na farko.