Me ya sa raguna ke karo da kai?

Tambaya: Ragunan sallar da na daure kullum cikin karo suke, me suke nema, kuma ya ake gane wanda ya ci?

Malam ai rigimar shugabanci ce, wanda ya fi karfi shi ke fara cin dusa, shi ke hawan tumaki. In ka lura rago sai yaja baya tukun sannan ya sheko da gudu su hadu gaba da gaba, kau! Kashin goshinsa nada kauri, gindin kaho da naman wuya su ke shanye bugun, shi yasa baya suma. Shi kuwa bijimi ba haka yake ba, sarke kaho suke suyi ta turereniya, nan nauyi da karfin kafa ke aiki.

Ba sai an mutu ba fa. Wanda ya kauda kai ya juya baya shi aka ci, gobe da ya hango wancan zai matsa da kansa. Fadan yafi dadewa ne in girmansu daya, don karami tun daga ganin kaho yake hakura.

Amma kar ka saki jiki, in bugu ya samu rago ta gefe yana iya karya kaho ko wuya. Bako in ka kawo, daure su nesa da juna, ko ka matse su a dan karamin daki inda babu filin ja da baya har warinsu ya gauraya.