Suna Ɗaya Ko Kowane Kaya Da Sunansa?

Tambaya: Muna sarrafa man gyaɗa a Kano, kuma sunanmu ya karɓu a kasuwa. Yanzu za mu fara shinkafa da sabulun wanki. Mu liƙa musu sunan man, ko kowanne mu raɗa masa nasa?

Amsa: Ku ba shinkafar sunan man, sabulun kuwa ku nema masa nasa.

Suna a kasuwa alkawari ne. Matar da ke sayen manku ta yarda cewa abin da kuka zuba a jarka mai tsabta ne, ba algus. Wannan yardar za ta bi buhun shinkafa ba tare da kun kashe ko sisi wajen gabatar da kanku ba, domin mai saye ɗaya ce, tukunya ɗaya, kuma dilolin da ke ɗaukar mai su ne za su ɗauki shinkafa. Sabulu bai shiga wannan alkawarin ba. Sunan da ke tuna wa mutum miya, in ya gan shi a bakin rijiya, ba ya ƙara wa sabulun daraja, yana iya ma rage wa man. Shi ya sa Unilever ba ta haɗa Omo da Knorr a suna ɗaya ba.

Za ku ce ai Dangote ya sa suna ɗaya a siminti da sukari da gishiri. Haka ne, amma alkawarinsa na kayan masarufi ne: ana samu ko'ina, inganci bai canzawa. Ba ɗanɗano yake sayarwa ba.

Ku yi lissafin kuɗin tukuna. A ce naira miliyan 12 kuke warewa na talla a shekara. Suna uku na nufin miliyan 4 kowanne, kuma biyu daga cikinsu ba wanda ya taɓa jin su. Da suna biyu, kuna iya zuba miliyan 8 a sabulun, sauran 4 ɗin su riƙe mai da shinkafa tare. A bayan kwalin sabulun ku rubuta sunan kamfani da ƙananan haruffa, yadda dila zai san daga inda kayan suka fito.

Sai rajista. Alamar kasuwanci aji-aji ake yi mata, cikin aji 45: man girki yana aji 29, shinkafa 30, sabulu 3. Rajistar da kuka yi wa man ba ta kare sunan a kan shinkafa ba, don haka ku shigar da ita a aji 30 kafin buhu ya fita. Lambar NAFDAC ma kowane kaya da tasa.

Haɗarin suna ɗaya shi ne laifin ɗaya na shafar duka. In aka riƙa samun tsakuwa a shinkafar, cinikin man zai ji a jikinsa. Kada kuma ku fitar da shinkafa mai araha, 'yar gutsattsari, da wannan sunan. In kun ji dila ya fara neman ragi a kan man yana kafa hujja da arahar shinkafar, to sunan ya fara zubewa. Mai arahar a ba ta suna dabam.