Ta ba shagona tauraro ɗaya saboda kaya sun makara: me zan ce mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kano. Wata ta sayi ankon biki turmi shida, na ce mata Alhamis za su isa Abuja. Motar da na ba saƙon ta lalace a hanya, sai Litinin kayan suka isa, an riga an watse daga biki. Ta hau Google ta ba shagona tauraro ɗaya, ta kira ni maƙaryaciya. In fito da hirarmu da rasit na tasha kowa ya gani? Wani yaro kuma ya ce in ba shi dubu ashirin zai goge mini. Wallahi ko barci ba na yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki bari zuciya ta huce zuwa gobe kafin ki taɓa waya.

Kada ki fito da hirar. Akwai lambarta da unguwarsu a ciki, kuma tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane. Ko babu doka, duk wadda ta ga kin tona asirin mai saye za ta ce gobe ita ce. Rasit ma ba zai wanke ki ba, domin ba da direba ta yi ciniki ba. Ke kika ce Alhamis.

Amsarki ta tsaya kamar haka:

"Hajiya, kina da gaskiya. Mun ce Alhamis, kaya suka isa Litinin, kika rasa anko a ranar da kike buƙatarsa. Mota ce ta lalace, amma hakkinmu ne mu sanar da ke tun ranar, mu nemi wata hanya. Ki yi haƙuri. Za mu mayar miki da kuɗin mota, in kuma kayan ba su da amfani a wurinki yanzu, mu karɓa mu ba ki kuɗinki. Don Allah ki kira lambar shago."

Kin ga lalacewar motar sau ɗaya ta fito, kuma ba a ɓuya a bayanta ba. Ba a kula kalmar maƙaryaciya ba, don wanda ya zo karantawa abin da yake nema shi ne ko za ki tsaya masa in nasa kayan sun maƙale. Sai dai kada ki rubuta alkawarin mayar da kuɗi in ba za ki cika ba. Google zai sanar da ita kin amsa, kuma tana da ikon gyara abin da ta rubuta, ya zama yabo ko ƙarin zagi. Kada kuma ki ce sai ta goge za ki biya ta.

Yanzu ga maganar yaron nan, wadda ta ishe ni ji. Ba mai iya goge sharhin sai ita da ta rubuta, ko kamfanin Google. Su kuma sai ya saɓa wa ƙa'idarsu suke cirewa, kamar batsa, barazana, ko sharhin bogi daga wanda bai taɓa ciniki da ke ba. Kai ƙara kyauta ne, maɓalli ne da ke ma za ki iya dannawa. Amma wannan baiwar Allah ta saya, kayanta sun makara, don haka da wuya ƙara ta yi aiki.

To me zai yi da dubu ashirin ɗinki? Ko ya danna wancan maɓallin ya kashe wayarsa, ko ya kwaso asusun bogi su zuba miki taurari biyar-biyar. Shagon da ke samun sharhi biyu a wata ya wayi gari da talatin, duk "kaya masu kyau", daga mutanen da ba su taɓa rubuta komai ba. Mai saye yana ganewa, Google ma yana kwashe irinsu, har yakan sa wa shagon takunkumi. Mafi muni shi ne mai cewa ki ba shi kalmar sirrinki. Ranar da kika ba shi, shafin shagonki ya koma hannunsa, yana iya sauya lambarki da tasa ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunanki. Ballantana kuma sayen yabon ƙarya algus ne, ko a kwano aka yi shi ko a waya.

Ki yi lissafi ma ki gani. A ce kina da sharhi 20, makinki 4.6. Wannan ɗayan zai sauko da ke 4.4. Mutum takwas na gaskiya in suka ba ki biyar, kin koma 4.6. Duk wadda kayanta suka isa lafiya, ki tura mata adireshin shafin ki roƙe ta ta faɗi abin da ta gani, ba tare da ragi ko kyauta ba, don shi ma haramun ne a ƙa'idarsu.

Kayan biki kuwa, daga yau in direba ya ce Alhamis, ke ki ce wa mai saye Asabar. In Asabar ta yi mata nisa, ki faɗa mata kuɗin jirgi ta zaɓa da kanta.