Barcin rana: minti 20 ko awa biyu?

Tambaya: "Ƙarfe 5:30 na asuba nake tashi. Idan na dawo daga aiki ƙarfe 4 na yamma sai in kwanta, ba na farkawa sai 6, kai ya yi min nauyi. Da dare kuma barci ba ya zuwa sai ƙarfe 1. In daina barcin rana ne, ko in sayi maganin barci?"

Amsa: Malam, ajiye batun magani tukuna. Tsawon barcin ne da lokacinsa suke cutar ka.

Barci hawa-hawa ne. A mintunan farko sama-sama yake, ana kiran sunanka za ka farka. Daga wajen minti 30 mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, kuma duk wanda aka tasa daga nan zai zauna a bakin gado yana zare ido, bai san safiya ce ko yamma ba. Wannan magagin yakan ɗauki rabin awa kafin ya sake shi. Shi ya sa muke cewa minti 20 ya wadatar. Saita ƙararrawar waya a minti 25, biyar ɗin na jiran barci ya ɗauke ka ne, kuma ka ajiye wayar inda sai ka miƙe za ka kashe ta.

Lokacin ma ya fi damun mu. Tun daga farkawarka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake jawo barci da dare. Awa biyun nan ta yamma tana kwashe kaso mai yawa na abin da ya taru, sai ka kwanta ƙarfe 10 ido ƙyam. Ka yi barci ƙarfe 1, ka tashi 5:30, awa huɗu da rabi ke nan, alhali babba yana bukatar aƙalla bakwai. Gobe da yamma dole gajiya ta sake kayar da kai.

Mai da barcin tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana, lokacin da jiki yake yin sanyi da kansa, ko da a kan kujera ne a hutun aiki. Idan babu hali, haƙura da shi gaba ɗaya na mako biyu, ka kwanta ƙarfe 10. Kwanakin farko akwai wuya, kuma kada ka ja mota kana gyangyaɗi. Ranar da ka kwana ba barci sosai, yi minti 90, wanda shi ne kimanin zagayen barci guda, amma ka gama kafin ƙarfe 3.

Idan daren ya daidaita kana samun awa bakwai amma barci bai daina fizgar ka da rana ba, tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana minshari mai ƙarfi, numfashi yana ɗaukewa sannan ka zabura. In haka ne je ka ga likita, domin wasu magungunan barci suna ƙara tsananta wannan matsalar.