Yaran da suka ci 10 cif, wane rukuni suke shiga?

Tambayar Malama a gurup ɗin malaman Garwa: "Salamu alaikum. Ajina yara 62 ne. Na sa FREQUENCE a Excel, mai ƙirga maki rukuni-rukuni, don in fitar da zanen makin jarrabawar sekans ɗin nan, sai ta nuna mini 27 ne suka kai 10. Da na ƙirga da hannu 33 na samu. Ga fayil ɗin na turo, Malam a duba mini."

Amsar Malam (murya, an rubuta):

Wa alaikumus salam, Malama, barka da rana, ya zafi? To, na buɗe fayil ɗin naki yanzu da wuta ta dawo. Hannunki ne ya yi daidai, 33 ɗin ne. Ita ma kwamfutar ba ƙarya ta yi miki ba, abin da kika ce ta yi shi ta yi.

Makin yaran yana B2 zuwa B63, iyakokin da kika rubuta kuma 5, 10, 15, 20 ne. To ita FREQUENCE halinta shi ne, duk makin da ya faɗo kan iyaka daidai, ƙasa take kai shi. Da kika rubuta 10, abin da ta fahimta shi ne "daga sama da 5 har zuwa 10, da shi 10 ɗin a ciki". Mu kuwa a nan da muke gyara bisa 20, yaron da ya ci 10 ya haye. Ita sai ta kwashe su ta zuba cikin waɗanda suka faɗi. Ki samu wani gurbi da babu komai ki rubuta wannan, ki gani da idonki:

```
=NB.SI(B2:B63;10)
```

Za ta ba ki 6. Su ne yaran da suka ɓace miki, 27 da 6 ai 33 ke nan. Kuma ba a 10 kaɗai abin ya faru ba. Akwai yaro ɗaya mai 5 cif, akwai biyu masu 15 cif, su ma duk an ja su ƙasa, ba ki dai lura ba don ba nan idonki yake ba.

Ni shawarata, ki bar FREQUENCE ɗin nan ki koma NB.SI.ENS, don a can ke ce za ki faɗi inda mai 10 zai zauna. Ki yi layi biyu na tsaye. A D2 zuwa D5 ki sa farkon kowane rukuni: 0, 5, 10, 15. A E2 zuwa E5 ki sa ƙarshensa: 5, 10, 15, 21. Sai a F2 ki rubuta:

```
=NB.SI.ENS($B$2:$B$63;">="&D2;$B$2:$B$63;"<"&E2)
```

ki ja ta ƙasa har F5. In da Hausa za a faɗe ta, cewa take yi: ƙirga mini duk makin da ya kai abin da ke D2 ko ya wuce shi, amma bai kai abin da ke E2 ba. Kin ga mai 10 bai shiga rukunin 5 zuwa 10 ba, tunda ya riga ya kai 10, sai ya faɗa na gaba.

Na san za ki ce me ya kawo 21 alhali babu mai cin 21. Da gangan na sa. In kika sa 20, ranar da wani yaro ya cinye 20 bisa 20, babu rukunin da zai karɓe shi, sai gwarzon ajin ya zama shi ne ba a ƙirga ba. Alamar dalar nan kuma kada ki cire ta. Ita ke riƙe B2 zuwa B63 wuri ɗaya. In babu ita, duk jan da kika yi ƙasa sai ta zame da layi ɗaya, yaran saman takarda su dinga fita ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za ta yi miki ƙorafi ba.

Na gwada a fayil ɗinki. Da farko kin samu 8, 27, 22, 5. Yanzu ya koma 7, 22, 26, 7. Ki haɗa 26 da 7, ga 33 ɗinki. Ki haɗa duka huɗun, 62. Wannan haɗin na ƙarshe ki mai da shi ɗabi'a, duk lokacin da kika yi aikin nan jimlar rukunoni ta yi daidai da yawan yaran da suka zauna jarrabawar.

Ni abin ya taɓa cizona. Wata shekara jimlata ta ƙi cika, yara uku babu su, na yi ta zargin lissafin har dare. Ashe wanda ya taya ni shigar da makin ya buga 12.5 da ɗigo, alhali Excel ɗina na Faransanci ne, 12,5 da waƙafi yake ganewa. Sai ya ɗauke su a matsayin rubutu, ya tsallake su shiru. Yadda za ki gane, irin wannan makin yana maƙalewa a hagun gurbi, sauran kuma suna dama. Ko ki gwada waɗannan biyun:

```
=NB(B2:B63)
=NBVAL(B2:B63)
```

Ta farko lambobi kaɗai take ƙirgawa, ta biyu duk gurbin da aka rubuta wani abu a ciki. In sun saɓa, to akwai rubutu a tsakiyar makin. Wanda bai zo jarrabawa ba kuma, in kin rubuta masa abs ko kin bar gurbin fayau, ba za a ƙirga shi ba. Amma in kika sa masa 0, ya shiga rukunin farko ke nan, ya kumbura miki yawan masu faɗuwa.

In dai kin fi son FREQUENCE ɗin, tana gyaruwa. Ki mai da iyakokin 4,99 da 9,99 da 14,99. Uku kaɗai sun isa, domin kullum tana ƙara gurbi ɗaya a ƙasa na waɗanda suka haura iyakar ƙarshe. A tsohon Excel, irin 2016 da ke kan yawancin kwamfutocinmu, sai kin zaɓi gurbi huɗun gaba ɗaya, ki rubuta, ki danna Ctrl+Maj+Entrée. In Entrée kaɗai kika danna a gurbi ɗaya, lamba ɗaya za ta ba ki. Wannan wahalar ma tana cikin abin da ya sa na yar da ita.

Zanen kuma ba wuya. Ki rubuta sunayen rukunonin kusa da sakamakon, ki zaɓe su tare, ki shiga Insertion ki ɗauki Histogramme groupé. Sai dai kada ki rubuta 5-10 haka tsirara, zai juya miki shi ya zama 05-oct, wai biyar ga Oktoba. Ki rubuta "5 zuwa ƙasa da 10". Sannan ki danna sandunan da maɓallin dama, ki nemi Largeur de l'intervalle ki mai da ita 0 %, su manne da juna.

Au, Malam na Ngaundere ya ce tasa ta Ingilishi ce. Malam, a wurinka sunayen FREQUENCY da COUNTIFS ne, kuma galibi waƙafi ake sawa a inda muka sa ɗigo-da-waƙafi. In ta ƙi karɓa ka turo hoton allon in duba bayan la'asar.