Yadda Kuɗin Man Fetur Ya Cuci Manomin Gyaɗa

Tambaya: "Ina sana'ar riɗi a Daura. An ce ƙasa tana samun kuɗin mai da yawa amma masu fitar da amfanin gona su yi asara. Ta yaya?"

Malam, sirrin yana wajen canji. Idan farashin mai ya tashi kwatsam, kamar yadda ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, dala takan yi ambaliya a ƙasa, sai Naira ta yi ƙarfi.

Mu ƙaddara buhun riɗinka dala 100 ne a waje, ana canza dala a Naira 1,500. Ka samu 150,000, ka kashe 120,000 wajen saye da dako, ribarka 30,000. To dala ta sauko 1,200. Mai saye a waje bai ƙara ko sisi ba, kai kuwa 120,000 za ka karɓa, riba ta tafi. In ka ɗaga farashi, ya koma wajen 'yan Sudan ko Habasha.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko gwamnati ta ƙayyade canji ba ka tsira ba. Kuɗin mai yakan shiga gine-gine da albashi, ladan ƙwadago ya hau, matasa su bar gona, kuɗin noma ya ƙaru alhali farashin waje yana nan. Wannan na cikin abin da ya karya kasuwar gyaɗa da auduga a Arewa, ko da yake fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun taka rawa.

Alamar da za ka lura da ita: kayan waje suna araha a kasuwa, naka kuma ba ya fita.