Banki ya yi daidai da littafin kashiya, to ina kuɗin suke zurarewa?

Tambaya: Malam, an mayar da ni sashen binciken kuɗi na ƙaramar hukumarmu. Na kwatanta littafin kashiya da bayanin asusun da banki ya bayar na wata uku, komai ya yi daidai. Amma kasuwa cike take, kuɗin shiga kuwa kullum raguwa suke yi. Daga ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Malam, ka fara aikin ne daga wutsiya. Littafin kashiya da takardar banki suna iya dacewa tsaf alhali an kwashe rabin kuɗin, domin dukansu biyu abin da ya iso gare su kawai suke nunawa. Kuɗin da suka salwanta a hanya ba su da suna a ko ɗaya. Mai neman abin da ya ɓace sai ya koma wurin da aka fara rubuta kuɗin, ya biyo su gaba. A aikin tara kuɗin shiga wannan wuri shi ne littafin rasidi, tun ma kafin a yagi ganye ɗaya daga cikinsa.

Saboda haka ka nufi sito ko ofishin ma'aji, ka nemi rajistar littattafan rasidi. A cikinta ake rubuta littattafan da aka karɓo daga maɗaba'a, lambar farko da ta ƙarshe ta kowanne, wanda aka ba, ranar da ya karɓa, sa hannunsa, da ranar da ya dawo da shi. Ka gwada ta da takardar da maɗaba'ar ta aiko tare da kayan, sannan ka ƙirga littattafan da suka rage a sito da hannunka. Waɗanda aka buga, in an cire waɗanda aka raba, dole su yi daidai da waɗanda ke kan kanta. Littafi ɗaya da ya fita ba tare da an rubuta shi ba ya ishi mutum ya yi ta karɓar kuɗi da rasidin hukuma na gaskiya, kuma ba za ka taɓa ganin inuwarsa a banki ba.

Bari mu bi mai karɓa guda ɗaya. A ɗauka rajista ta nuna an ba shi littattafai uku masu ganye 50 kowanne: 4001 zuwa 4050, sai 4051 zuwa 4100, sai 4101 zuwa 4150. Ya dawo da biyun farko, na ukun shiru, amma ga shi an ba shi sabo mai farawa da 4151. Wannan kaɗai abin rubutawa ne a rahotonka. Ƙa'ida ita ce kada a ba mutum sabon littafi sai ya dawo da tsohon, an lissafa shi. Ka ce a kawo maka na ukun a ranar, ba gobe ba, don kada a kwana ana cike shi.

Yanzu ɗauki na biyun, ka buɗe shi ganye bayan ganye. Abu uku kake dubawa. Lambobi su bi juna ba tsallake. Ranaku su bi lambobi, kada ka ga 4080 ya riga 4075 kwanan wata. Sannan duk rasidin da aka soke, asalinsa da kwafinsa su kasance a manne cikin littafin. Idan an rubuta "an soke" a kan kwafin 4070 amma asalin babu shi, to mafi kusa da gaskiya shi ne asalin yana hannun wani da ya biya kuɗi, kuma kuɗin suna aljihun wani.

Daga nan sai ka tara kuɗin kwafin rana rana, da kanka, kada ka amince da jimillar da aka rubuta a ƙasan shafi. A misalinmu, Litinin an yanka 4051 zuwa 4062, kuɗinsu 36,000. Talata 4063 zuwa 4075, kuɗinsu 41,000. Laraba 4076 zuwa 4088, kuɗinsu 38,500. Alhamis 4089 zuwa 4100, kuɗinsu 33,000. Jimilla 148,500. Duk lokacin da mai karɓa ya miƙa kuɗi, kashiya yana yanka masa rasidin baitulmali, kuma ya kamata a rubuta a jikinsa lambobin da kuɗin suka ƙunsa, daga kaza zuwa kaza. Ka nemi waɗannan rasidai huɗu a hannun mai karɓar, ka gwada su da kwafin da ke wurin kashiya, sannan da littafin kuɗinsa. A nan ake raba alhaki. Abin da ya ɓace kafin wannan takarda yana wuyan mai karɓa, abin da ya ɓace bayanta yana wuyan kashiya. Inda ba a yanka ta, kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa, kai kuma ba ka da abin da za ka raba gardama da shi.

A ce duka huɗun sun shiga littafin kashiya a ranakunsu. Saura banki, kuma a nan nake so ka daɗe. Da farko, bayanin asusun ka karɓo shi da kanka daga banki da wasiƙar hukuma, kada ya biyo ta hannun wanda kake bincika. Takardar zuba kuɗi mai hatimi ba hujja ba ce ita kaɗai, domin hatimi ana sassaƙa shi, adadi kuma ana iya gyara shi bayan an buga hatimin. Hujja ita ce ka ga adadin ya shiga asusun hukuma. Na biyu, kada ka kwatanta jimillar wata da jimillar wata. Kowane zubi ka nemo shi shi kaɗai, ka rubuta ranar da kashiya ya karɓa da ranar da banki ya shigar, gefe da gefe.

Ga abin da za ka iya gani. Kuɗin Litinin, 36,000, sun shiga banki ran Laraba. Na Talata sun shiga Juma'a. Na Laraba sai Talatar mako mai zuwa, na Alhamis kuma sai Juma'ar wancan makon. Adadi ko ɗaya bai ragu ba, 148,500 sun shiga cif, shi ya sa gwajin da ka yi bai nuna komai ba. Amma dubi tazarar: kwana 2, kwana 3, kwana 6, kwana 8. Wannan ita ce alamar mai cike ramin jiya da kuɗin yau. Ya taɓa kuɗi tun baya, kullum yana jiran na sabuwar rana su shigo don ya biya na tsohuwa, kuma da yake hannu bai daina shiga ba, ramin yana faɗaɗa, jinkirin yana ƙaruwa. A ƙarshen wata sai a kira gibin "kuɗin da ke kan hanyar banki". Kuɗin kan hanya na gaskiya sukan bayyana a ranar aiki ta farko ko ta biyu ta sabon wata. Waɗanda suka yi mako ba su iso ba, a tambayi wace hanya suka bi.

Jinkiri dai ba ya tabbatar da sata. Banki na iya yin nisa, ana iya samun ranakun hutu, wani kashiyan kuma sakaci ne kawai ke damunsa. Abin da ke yanke magana shi ne ƙirgen bazata. Da ka iso ofishin ran Juma'ar farko da safe, kafin a tafi banki, lissafi ya ce a samu kuɗin Talata da Laraba da Alhamis a akwati, wato 112,500. In an ƙirga a gabanka aka samu 70,000, gibin 42,500 ne, kuma babu bayanin da zai rufe shi. A yi ƙirgen a gaban kashiyan da shaida, a rubuta takardun kuɗin iri iri, ya sa hannu. 'Yan takardun "na ranta, zan mayar" da za ka tarar a akwatin ba kuɗi ba ne, ka lissafa su cikin gibin. Kada kuma ka bar shi ya fita "ya ɗauko sauran" kafin a gama, don rance zai je nema.

Har yanzu akwai abin da duk wannan ba zai kama ba, domin tun farko kwafi kake karantawa, kuma kwafi yana iya yin ƙarya. Mai karɓa zai iya zare takardar kabon, ya rubuta wa mai biya 4,500 a asali, daga baya ya rubuta 1,500 a kwafi. Daga kwafin har banki komai zai tafi daidai a kan 1,500. Wani lokaci takardar kanta takan tona asiri: kwafin da aka rubuta da biro kai tsaye, ko shatin wani adadi daban da ya fito in ka karkata ganyen ga haske. Amma maganin gaskiya shi ne ka tashi daga kujera. Zaɓi rasidai 20 ko 30, ka fi karkata ga masu biyan kuɗi masu kauri, ka je ka roƙi masu biyan su nuna maka asalin. Ka je ba tare da mai karɓar ba, kuma ka bayyana musu cewa ba su kake bincika ba, in ba haka ba kowa zai ce ya yar da nasa. Kana duba adadi, kana duba lamba. Rasidin da lambarsa ba ta cikin rajistar sito, ko wanda lambarsa ta yi karo da ta wani, yana nufin akwai littafin bogi da ake yawo da shi.

Shi kuwa wanda ya karɓi kuɗi bai yanka komai ba, takarda ba za ta taɓa nuna shi ba. Sai dai ka yi ƙiyasi daga waje. Ƙirga rumfunan kasuwar, ka ninka da kuɗin da dokar hukuma ta ƙayyade, ka ninka da ranakun ci. Rumfa 120 da ake karɓar kuɗinsu kullum ya kamata su cinye ganye kusan 120 a rana. Idan littattafan suna nuna 50, ka nemi a sauya mai karɓar na mako biyu, ko ka tsaya a wurin da kanka kwana biyu, ka ga ko adadin zai tashi. Ƙiyasi yana nuna maka inda za ka tona, amma ba ya isa a ɗora wa mutum laifi da shi, don rumfa tana iya zama a rufe, wani ɗan kasuwar kuma bashi ake binsa.

Inda ake biya ta na'ura ko ta tura kuɗi, tambayar farko ita ce asusun wa kuɗin ke faɗawa. Ka nemi jerin na'urorin da hukuma ta amince da su da asusun da aka ɗaure kowace, ka gwada rahoton na'urar da abin da ya shiga, kana la'akari da cajin da banki ke cirewa.

A rahotonka, kowane gibi ka rubuta shi da lambar rasidi, rana, adadi, da matakin da ya tsaya: tsakanin sito da mai karɓa, ko mai karɓa da kashiya, ko kashiya da banki. Kalmar "sata" ka bar wa kwamitin ladabtarwa ko kotu. Ka ba wanda abin ya shafa dama ya yi bayani a rubuce, ka haɗa bayanin nasa da rahoton. Littattafan da ka samu matsala a cikinsu kuwa ka ɗauki hotonsu tun a ranar, ka karɓe su da sa hannu, ka kulle su a inda kai kaɗai ke da makulli.